Darasi na 7: Daidaita Lissafin Kaya Tsakanin Shago da Waya

Manufofin darasi

Idan ka kammala wannan darasi, za ka iya:

1. bambanta kayan da ke kan kanta da kayan da kake da ikon sayarwa;
2. riƙe lissafi guda ɗaya ga cinikin shago da cinikin waya;
3. fitar da adadin da idan kaya suka sauka zuwa gare shi dole ka aika a sayo wasu;
4. gane inda kuskure ya shiga idan littafi da kanta suka saɓa.

1. Shago ɗaya, ƙofa biyu

A Madawa, da Buza, da Keita, mafi yawan abin da ake kira shagon intanet waya ce a hannun mai shago. Yana ɗaukar hoton kaya ya sa a WhatsApp ko Facebook, mai saye ya turo saƙo, ya biya ta Nita ko Al Izza ko Airtel Money, a kai kayan tasha a ba direba. Kaɗan ne suke da cikakken shafin sayarwa na kansu. Amma ko ta waya ce kawai, ko ta babban shafi, wahalar iri ɗaya ce. Kaya suna fita ta ƙofa biyu, kanta kuwa guda ɗaya ce.

A duk tsawon darasin nan za mu bi misali ɗaya da aka tsara don koyo. Wani shago ne a Madawa da ke sayar da kayan aikin lambu, kuma abin da ya fi tafiya a wurinsa gwangwanin irin albasa ne, ɗan Galmi. Manoman kwarin Tarka suna zuwa da ƙafarsu su saya, manoman Buza da Keita kuma suna yin oda ta waya. Mai shagon ne ke riƙe da wayar, ƙanensa kuma yana tsaye a kanta. Irin albasa kaya ne mai lokaci. Manomin da ya biya kuɗi aka ce masa ya jira mako guda, ya yi asarar mako guda na reno, kuma da wuya ya sake turo saƙo baɗi.

> Muhimmiyar kalma
> Daidaita lissafin kaya: tabbatar da cewa duk abin da ya shiga ko ya fita, ta kanta ko ta waya, an rubuta shi a wuri ɗaya a lokacin da ya faru, yadda kowa zai riƙa duba adadi ɗaya.

2. Abin da ido ya gani da abin da za a iya sayarwa

Wannan shi ne kashin bayan darasin, don haka a bi shi sannu a hankali.

Idan manomi a Keita ya biya gwangwani 4 da dare, kayan suna nan kan kanta har gobe da rana, sai mota ta tashi. Duk wanda ya shigo shago zai gan su. Amma sun riga sun zama na wani. Saboda haka kowane kaya yana da adadi uku.

> Muhimman kalmomi
> Na kanta: duk abin da ke cikin shago da ɗakin ajiya, wanda za ka iya taɓawa ka ƙirga.
> Na alkawari: abin da aka riga aka yi odarsa, amma bai bar shago ba tukuna.
> Na sayarwa: na kanta, a cire na alkawari. Wannan kaɗai za ka iya ba sabon mai saye.

Ga yadda yini ɗaya ya kasance a shagon misalinmu.

Da safe akwai gwangwani 20 a kanta. A ciki, 4 na mutumin Keita ne da ya biya jiya. Na sayarwa ke nan 16.

Ƙarfe 9 wani ya shigo ya sayi 3. Na kanta ya koma 17, na alkawari yana nan 4, na sayarwa 13.

Ƙarfe 11 saƙo ya zo daga Buza, ana son 6, kuma an turo hoton takardar biyan kuɗi. Babu abin da ya motsa daga kanta, har yanzu 17 ne. Amma na alkawari ya zama 10, na sayarwa ya sauka zuwa 7.

Ƙarfe 1 aka kai na Keita tasha. Na kanta ya koma 13, na alkawari 6. Na sayarwa bai canja ba, yana nan 7, domin tun jiya aka cire waɗannan 4 ɗin. A nan mutane da yawa suke kuskure, su sake cirewa a karo na biyu.

Bayan la'asar wani dattijo ya shigo ya ce, “Yaro, ba ni takwas.” Ƙanen mai shago ya ɗaga kai ya ga gwangwani 13 jere. Idan ya bi idonsa ya ba da 8, saura 5, mutumin Buza kuma ya biya kuɗin 6. An sayar da gwangwani ɗaya ga mutum biyu. Idan kuwa ya duba littafi, zai ce, “Baba, bakwai ne za su samu, sauran na mutane ne.” Dattijon ya karɓi 7, na sayarwa ya zama sifili, nan take kuma a cire kayan daga tallar waya.

| Lokaci | Na kanta | Na alkawari | Na sayarwa |
|---|---|---|---|
| Safe | 20 | 4 | 16 |
| Ƙarfe 9 | 17 | 4 | 13 |
| Ƙarfe 11 | 17 | 10 | 7 |
| Ƙarfe 1 | 13 | 6 | 7 |
| La'asar | 6 | 6 | 0 |

Akwai dabarar da ta fi kowace manhaja sauƙi, kuma ina ba kowane mai shago shawarar ya fara da ita. Da zarar oda ta tabbata, a sauke kayan daga kanta, a zuba su cikin leda ko kwali, a rubuta garin da za su da ranar oda, a ajiye can gefe. Abin da ido bai gani a kanta ba, hannu ba zai miƙa shi ga wani ba.

Alkawari kuma yana bukatar wa'adi. Wani zai ce “a ajiye mini biyar, gobe in sha Allah zan turo kuɗi,” a kwana uku ba a ji ɗuriyarsa ba, kayan suna ɗaure, masu kuɗi a hannu suna komawa. Manhajar WooCommerce, wadda shagunan intanet da yawa ke aiki da ita, tana da wurin da aka rubuta `Hold stock (minutes)`, inda take riƙe kayan odar da ba a biya ba na minti 60 idan ba a canja ba, sannan ta soke odar. Awa ɗaya ta yi kaɗan ga manomin da sai ya hau babur daga ƙauye zuwa garin da ke da ofishin tura kuɗi. Ka yanke wa'adin da ya dace da mutanenka, misali zuwa azahar ta gobe, ka faɗa masa tun a saƙon farko, idan lokacin ya wuce ka mayar da kayan kanta.

3. Lissafi ɗaya, suna ɗaya

Ko littafin takarda ne, ko teburin lissafi a waya, ko manhajar ciniki, ƙa'idar ita ce a samu wuri ɗaya tak da kowa ya yarda shi ne gaskiya. Idan mai shago yana rubuta odar waya a wayarsa, ƙanensa yana rubuta cinikin kanta a littafi, suna jira sai dare su haɗa, to duk yinin nan babu wanda ya san adadin na sayarwa.

A lura da wani abu game da WhatsApp Business. Jerin kayan da ke cikinsa yana nuna hoto da suna da farashi, amma ba ya ƙirga abin da ya rage. Ko gwangwani na ƙarshe ya fita, hoton yana nan yana kiran masu saye har sai ka shiga da hannunka ka ɓoye shi. Don haka ɓoye kayan da suka ƙare aiki ne da za a ɗora wa mutum guda, a san shi ne mai yi.

Kowane kaya kuma ya samu lamba ɗaya da ba ta canjawa. Gwangwani mai giram 100 daban, mai giram 500 daban, ko da iri ɗaya ne a ciki. Kana iya kiran su ALB-100 da ALB-500, ka manna takarda a kanta, ka sa lambar a ƙarƙashin hoton. A kuma tsayar da ma'auni guda: idan da gwangwani ake sayarwa, da gwangwani ake rubuta shigowa, ko da a kwali kayan suka zo.

> Muhimmiyar kalma
> Lambar kaya: gajeren suna na haruffa da lambobi da aka ba kaya iri ɗaya, girma ɗaya, wanda ake amfani da shi a littafi, da kanta, da waya.

4. Idan layi ya ɗauke

Duk wanda ke ciniki a yankin nan ya san layin intanet yana tafiya ya dawo, wuta ma haka. Manhajoji da yawa suna ci gaba da aiki ba layi, su aika bayanin idan ya dawo. Haɗarin yana cikin abin da ake aikawa.

A ce na sayarwa 13 ne, layi ya ɗauke. Ƙane ya sayar da 2 a kanta, ya goge 13 ya rubuta 11. Mai shago yana kasuwa inda layi ke kamawa, ya karɓi odar 5, ya goge 13 ya rubuta 8. Da layi ya dawo, teburin zai tsaya a kan ɗaya daga cikin biyun, ko 11 ko 8. Dukansu ƙarya ne. Gaskiya ita ce 6.

Maganin shi ne kada a taɓa goge jimilla. Kowa ya rubuta motsin da ya faru a layinsa: rana, lambar kaya, “fita 2, kanta”, ko “alkawari 5, Buza”. Jimilla ita ke fitowa daga haɗa layukan. Ko an jima kafin su haɗu, 13 a cire 2 a cire 5 zai ba da 6.

Duk da haka, a tsakanin ɗaukewar layi da dawowarsa, mai waya bai san abin da aka sayar a kanta ba. Don haka a riƙe wani abu baya. Idan layi yakan yi rabin yini babu, kanta kuma takan fitar da kamar gwangwani 3 a rabin yini, to mai waya ya ɗauka na sayarwa ya gaza abin da yake gani da 3. Ya ga 13, ya yi alkawarin 10 kawai. Idan oda ta wuce haka, kira na baki yakan shiga ko intanet babu: ya kira shago a ƙirga masa kafin ya ce wa mutum ya biya.

5. Iyakar gargaɗi

Mu koma yinin da muka bi a sashe na 2. Shagon ya kwana da sifili. Lissafinsa daidai ne, bai ci amanar kowa ba, amma gobe duk wanda ya zo zai koma hannu rabbana. Laifin ya faru ne kwanaki kafin wannan yini, ranar da ya kamata a kira dila ba a kira ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

> Muhimman kalmomi
> Kwanakin jira: daga ranar da ka yi oda wurin dila zuwa ranar da kaya suka hau kantarka.
> Ajiyar ko-ta-kwana: ƙarin kayan da kake riƙewa saboda jinkirin mota ko ciniki da ya zo fiye da yadda aka saba.
> Iyakar gargaɗi: adadin da idan na sayarwa ya sauka zuwa gare shi, ranar nan za a yi odar sababbin kaya.

Lissafin shi ne: cinikin rana ɗaya, sau kwanakin jira, a tara da ajiyar ko-ta-kwana.

Cinikin rana ɗaya ana samunsa daga littafi. Haɗa abin da ya fita ta ƙofofi biyun a mako biyu da suka wuce, ka raba da kwanakin. A shagon misalinmu gwangwani 56 suka fita a kwana 14, wato 4 a rana. Wanda ya ƙirga cinikin kanta kaɗai ya manta da na waya, iyakarsa za ta yi ƙasa, gargaɗi ya zo a makare.

Kwanakin jira sun fi tsawon tafiyar mota. Maradi, inda dilan shagon misalinmu yake, ba ta da nisa da Madawa, duka suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, mota takan iso a yini. Amma mai shago yana bukatar kwana ɗaya ya haɗa kuɗi ya tura, dila kwana biyu ya haɗa kaya, kwana ɗaya a jira motar da aka amince da direbanta, kwana ɗaya tafiya da saukewa. Kwana 5 ke nan. Ɗan kasuwar Buza ko Keita da kayansa ke sauka a Madawa ko Tawa kafin a canja mota, sai ya ƙara kwanakin wannan zangon, da damina kuma ya ƙara wasu, domin ruwa yakan tsare hanya a ƙoramu.

Ajiyar ko-ta-kwana kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka tuna jinkiri mafi tsawo da ka saba gani. Idan kaya sukan makara da kwana 2, ajiyar ita ce cinikin kwana 2, wato 8.

Iyakar gargaɗi: 4 sau 5, 20 ke nan, a tara da 8, ya zama 28.

Yanzu a sake duba teburin sashe na 2. An wayi gari da na sayarwa 16, alhali iyaka 28 ce. Tun kusan kwana uku baya ya kamata oda ta tafi.

Wannan ya nuna dalilin da ya sa bai kamata a bar adadin da manhaja ta zo da shi ba. A WooCommerce, wurin da aka rubuta `Low stock threshold` yana zuwa da 2. Ga shagon da ke fitar da 4 a rana, gwangwani 2 cinikin rabin yini ne. Idan sai a lokacin gargaɗi ya zo, shago zai zauna kwana huɗu da rabi babu kaya, cinikin gwangwani 18 ya tafi wurin maƙwabci. Kowane kaya yana da tasa iyaka, kuma manhajar ta yarda a sa wa kowanne daban.

Iyakar ba ta dawwama. Idan damina ta ja baya, manoma suka shiga shirin reno na albasar rani, ciniki zai iya tashi daga 4 zuwa 9 a rana. Iyaka ta koma 9 sau 5, 45, da ajiyar kwana 2, 18, jimilla 63. A ɗaga ta kafin lokacin ya kama, ta hanyar duba littafin bara. Idan lokacin reno ya wuce kuma a sauke ta sosai, domin irin albasa ba ya jimirin daɗewa, ƙarfin tsirarsa yana raguwa, musamman a ɗaki mai zafi. Wanda ya bar iyakarsa a 63 har bazara zai cika shago da kayan da za su kwantar masa da jari.

Yadda gargaɗin zai zo ya danganta da abin da kake aiki da shi. Mai littafin takarda ya rubuta iyakar da jan biro a saman shafin kowane kaya, ya kwatanta kowane dare. Mai teburin Google Sheets ya tsara ginshiƙai haka: A lambar kaya, B na kanta, C na alkawari, D na sayarwa, E kayan da ke kan hanya, F iyaka. A ginshiƙin G ya rubuta:

```
=IF(D2+E2<=F2,"SAYO","")
```

Idan teburin da Faransanci yake:

```
=SI(D2+E2<=F2;"SAYO";"")
```

Ginshiƙin E yana da amfani babba. Ka yi odar 50 ranar da na sayarwa ya kai 28. Gobe ya koma 24, jibi 20. Ba tare da E ba, kalmar SAYO za ta ci gaba da fitowa kullum, ko dai wani ya sake yin oda a sayo sau biyu, ko kuma a saba da ganinta har a daina kula ta. Da an rubuta 50 a E, 24 da 50 sun zama 74, gargaɗi ya yi shiru. Ranar da kaya suka iso, a ƙirga su, a mayar da adadin daga E zuwa B. WooCommerce kuwa ta imel take aika gargaɗinta, don haka a tabbata adireshin da aka sa na mutumin da ke buɗe imel ne kullum.

6. Idan littafi da kanta suka saɓa

Kayan da suka fi tafiya a ƙirga su da hannu sau ɗaya a mako, bayan an rufe shago, a kwatanta da na kanta a littafi. Yanayin bambancin yakan nuna inda za a nema.

Idan littafi ya fi kanta yawa, wani abu ya fita ba a rubuta ba. Kafin a zargi kowa da sata, a tambayi bashi. Maƙwabci ya karɓi biyu “sai an cire albasa”, an rubuta a littafin bashi, ba a cire daga lissafin kaya ba. A kuma tambayi gwangwanin da ya lotse aka ajiye gefe, da wanda mai shago ya ɗauka don gonarsa.

Idan kanta ta fi littafi yawa, ko dai kaya sun shigo ba a rubuta ba, ko an dawo da wasu, ko an cire oda sau biyu. Idan bambancin ya yi daidai da abin da kwali ɗaya ke ɗauka, kuskuren ma'auni ne. Idan kuma ALB-100 ya yi ƙari da 2, ALB-500 ya gaza da 2, an rubuta ciniki a kan lambar da ba ita ba. Bayan an gano, a rubuta gyaran a sabon layi da dalilinsa da kwanan wata.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambanci tsakanin na kanta da na sayarwa?
2. Shago a Buza yana da fitilar sola 30 a kanta, 7 na alkawari ne. An sayar da 5 a kanta, an kai 4 daga na alkawari tasha, sannan sabuwar odar 6 ta shigo. Fitar da adadi ukun bayan kowane mataki.
3. Me ya sa na sayarwa ba ya raguwa a lokacin da aka kai kayan oda tasha?
4. Na sayarwa 20 ne, layi ya ɗauke. An sayar da 4 a kanta, an karɓi odar 9 ta waya. Wane adadi ne gaskiya, kuma wace irin rubutawa ce za ta ɓata shi?
5. Wata mai shago a Keita ta sayar da turmin atamfa 42 a kwana 14. Kayanta sukan yi kwana 7 kafin su iso, wani lokaci su makara da kwana 3. Fitar da iyakar gargaɗinta. Idan ciniki ya ninka gab da Sallah, nawa iyakar za ta koma?
6. Littafi ya ce 40, ƙirga ta ba da 37. Kawo wurare uku da za ka fara dubawa.
7. Zaɓi kaya ɗaya da ya fi tafiya a shagonka ko shagon wanda ka sani. Rubuta cinikinsa na kwana 14, da kwanakin jiransa mataki mataki, ka kawo iyakar gargaɗinsa aji mai zuwa.